Katin Da Bai Taɓa Nuna Sifili Ba

Wata bakwai da mayar da ni asibitin a matsayin shugabar sashen magunguna, aikin kasafin shekara mai zuwa ya faɗo a kaina. Ban ji tsoro ba. Na yi shi sau uku a inda na baro, kuma ni mace ce mai son lissafi, har mijina yana cewa da ana auren kalkuleta da ban kalle shi ba. Shi ne akantan asibitin, ya riga ni zuwa da shekara tara. A wurin aiki Akanta nake ce masa kamar kowa, a gida kuma Abban yara, sai in ya ɓata mini rai in koma ce masa Akanta har a kan tabarmar cin abinci.

Aikin ba wani sihiri ba ne. Kowane magani da kowane kayan aiki, daga safar hannu har zuwa auduga, yana da katinsa a sito, inda ake rubuta abin da ya shigo, abin da ya fita, da abin da ya rage. Sai ki tara abin da ya fita a shekara, ki raba da wata goma sha biyu, kin sami cin wata. Ki ninka da watannin da za ki saya wa, ki ɗora na wata biyu saboda jinkirin masu kawo kaya, don ba a fafe gora ranar tafiya, sannan ki cire abin da ke kan kanta wanda wa'adinsa bai kusa ba. Abin da ya rage ki ninka da farashi, amma ba farashin bara ba. Dillalai uku na tambaya, kuma dukkansu, kamar sun haɗa baki, suka ce in sa ran ƙarin kashi ashirin da biyar cikin ɗari. Tarko ɗaya ne kowa ya sani a wannan lissafi: in magani ya taɓa ƙarewa, dole a cire kwanakin da babu shi kafin a raba, domin abin da babu ba ya fita, kuma rashin fitarsa ba ya nufin ba a nema ba.

Wannan tarkon bai dame ni ba, saboda mai sitonmu. Baba Mai Sito kowa ke ce masa, har Babban Likita. Dogo ne, siriri, da tabarau ɗaure da zare a bayan kai, kuma shekararsa talatin da biyu a ɗakin nan mai taga ɗaya. Katunansa suna cikin akwatin katako a jere, rubutun kamar an buga da inji. Kwalin da wa'adinsa ya fi kusa shi ke gaba a kan kanta. Yana duba zafin firiji safe da yamma ya rubuta a takardar da ya manna a ƙofarsa. Abin alfaharinsa kuwa, wanda ya gaya mini tun ranar da na fara aiki kafin ma ya tambayi sunana, shi ne a duk shekarun nan katin maganin ceton rai bai taɓa nuna sifili a hannunsa ba. Saura wata biyu ya yi ritaya, kuma hukumar asibiti ta riga ta shirya takardar yabo da wannan maganar a cikinta.

Ina son tsohon nan, ba na ɓoyewa. Mahaifina ya rasu ina shekarar ƙarshe a jami'a, kuma tun da Baba ya fara ce mini 'yata na bar shi ya ci gaba. Kullum da hantsi yana dafa shayi a 'yar butar lantarki a bayan kwalayen ruwan ƙari, ya zuba mini a kofin da ya ce nawa ne, ya yi mini faɗa a kan takalmina mai tsini. Saboda haka da na zauna da katunansa ɗari uku da 'yan kai, na yi abin da mai yarda ke yi. Na tara jimillar fita, na bi layin ragowa da yatsa ina neman sifili, ban gani ba, na wuce.

Allurar da ake yi wa mace da zarar ta haihu, don mahaifa ta tsuke jini ya tsaya, katinta ya nuna kwalba dubu ɗaya da ɗari takwas a shekara. Ɗari da hamsin ke nan a wata. Na ƙara ɗari uku na ajiya, na cire ashirin da ke firiji, na rubuta dubu biyu da tamanin. Cikin kwana tara na gama kasafin gaba ɗaya, saura kwana huɗu kwamiti ya zauna, ina ta yi wa Akanta ƙafafa a kan cewa sashena ne zai riga kowa miƙawa.

Ranar Litinin da rana na fito zan karɓo saƙo a bakin ƙofar asibiti, sai wani mutum ya kusa bangaje ni. Takalminsa ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, yana riƙe da 'yar takarda, yana tambayar maigadi inda kemis yake. Farar rigata ya gani ya miƙo mini takardar. Matarsa tana kan gwiwa, in ji shi, an ce ya sayo wannan maza. Na duba, sunan allurar nan ne, da rubutun Babbar Ungozoma.

Na ce masa muna da ita, ya biyo ni. Maigadi ya yi dariya ya ce ai kowa tsallaken titi yake sayowa, tun ba yau ba. Mutumin bai tsaya jin gardamarmu ba, ya fizge takardarsa ya tsallaka. Na bi shi, don in raina ya ɓaci ƙafafuna ba sa neman shawarata. Mai kemis ɗin ya miƙa hannu saman kanta, kusa da rufin kwano, ya ciro kwalbar daga cikin wani kwalin filasta. Maganin da ya kamata ya kwana ya tashi a firiji, ga shi yana gasuwa a ƙarƙashin kwano. Na ce wa mai kemis abin da na ce masa, ba sai na maimaita a nan ba. Na riƙo hannun rigar mutumin na dawo da shi, na shiga sito, Baba ya tafi cin abinci, na ɗauki kwalba ɗaya daga firiji na kai ɗakin haihuwa da kaina.

Bayan matar ta sauka lafiya na tare Babbar Ungozoma a ofishinta. Mace ce mai jiki, mai sanyin magana, wadda ta karɓi haihuwar rabin ma'aikatan asibitin, kuma Anti muke ce mata. Ta bar ni na zazzage duk abin da ke cikina, sannan ta turo mini kujera da ƙafa ta buɗe rajistar haihuwa. Mata ɗari biyu da ashirin a wata, wani watan ya fi. Kowace tana buƙatar kwalba ɗaya, wadda jini ya ɓalle mata kuwa sai an yi mata huɗu ko fiye. Ban buƙaci kalkuleta ba. Ɗari da hamsin ba ta isa ko a mafarki.

Ta ce ana kawo ɗari huɗu da hamsin duk bayan wata uku. Suna cinye ta kafin wata biyu ya cika. Daga nan in ta aika takardar neman kaya sai ta dawo da layi a gurbin abin da aka bayar, da saƙon Baba cewa sai sabon kaya. Ashirin ɗin ƙarshe ba ya taɓa su sai in ita da kanta ta je masa da fuskar da ya sani, ya ba ta ɗaya ko biyu. Sauran mata kuwa, sai takarda da tsallaken titi. Na tambaye ta me ya hana ta kai ƙara.

Ta ce, “Na kai, shekarun baya. Aka ɗauko kati aka nuna mini akwai. Wa zan ƙaryata, Baba? Sai na saba, ƙanwata. Mutum yana sabawa da komai.”

Na koma ofis na ɗauko katin na sake kallonsa, wannan karon da idon da ya kamata tun farko. Ga abin nan a fili. Sau huɗu a shekara ragowar tana sauka zuwa ashirin ta tsaya cak, mako biyar ba motsi in ban da kwalba ɗaya nan, biyu can. Na ƙirga kwanakin, ɗari da arba'in da huɗu. Na cire su daga shekara na sake rabawa, cin wata ya tashi kusan ɗari biyu da hamsin, daidai da rajistar Anti. Kunya ta kama ni fiye da fushi, domin ni na bi wannan layin da yatsana na wuce. Kuma ga abin da ya fi ciwo: dokar asibitin ta ce in maganin ceton rai ya ƙare, ana iya sayen gaggawa cikin kwana biyu ba tare da jiran kwamiti ba. Ashirin ɗin Baba ta rufe wannan ƙofar shekara da shekaru. Kowace shekara kuma ana yin kasafi daga katin, ana sayen ɗari da hamsin a wata, katin ya sake cewa ɗari da hamsin ta isa.

Da yamma a gida na shimfiɗa takardun a kan tebur yara suna aikin makaranta a gefe. Akanta ya karanta, ya cire tabarau, ya murza ido. Ya ce lissafina daidai ne, amma kwamiti ba ya cin labari, takarda yake ci. Zan nemi a ɗaga abu ɗaya daga dubu biyu da tamanin zuwa dubu uku da ɗari biyar, a shekarar da farashi ya tashi, kuma kuɗin da aka ware wa sashena ba zai ƙaru da ko sisi ba. Abu na farko da za su tambaya shi ne yaushe maganin ya taɓa ƙarewa. In na ce bai ƙare ba, an ƙi bayarwa ne, to na kwance wa Baba zani a kasuwa saura wata biyu ya tafi. Takardar yabo za ta tashi, kuma akwai masu binciken kuɗi da za su kira abin riƙe kaya ba bisa ƙa'ida ba. Shi Akanta kansa kuma ba zai iya buɗe baki ya goya mini baya ba, sai a ce mijin ta ce.

Shawararsa ita ce in bar kaza cikin gashinta. In ƙara kaɗan a bana da sunan ƙaruwar haihuwa, in Baba ya tafi in gyara a baɗi. Na ce masa, Akanta, matan da za su haihu a makonnin nan na bana, su ma su jira baɗi? Babbar 'yarmu ta ɗago kai ta ce wa ƙaninta Mama ta fara cewa Akanta, su tattara littattafansu. Sai da muka yi dariya dukanmu, amma dariyar ba ta kai mini ciki ba.

Sai ya koma taya ni neman kuɗin, wanda shi ne abin da na aure shi dominsa. Ya ce tunda farashi zai tashi, me zai hana a sayi allurar ta shekara guda a karon farko. Na ce firijinmu ba zai ɗauka ba, kuma in wuta ta yi mana halinta mun yi asarar shekara a yini ɗaya. Safar hannu da sirinji da auduga, su ne za a saya da wuri da yawa, don ba sa lalacewa da wuri kuma ba sa neman sanyi. Muka bi jerin tare. Na riga na kasa kayan gida uku: na dole, masu muhimmanci, da na in da hali. A cikin na in da hali muka tarar da ruwan maganin ƙarin kuzari da ke kan kanta wanda zai kai wata goma sha huɗu, amma na sa masa ɗan ƙari don sabo. Muka soke. Muka tarar da maganin tari iri uku masu aiki ɗaya, muka bar guda. Bandejin naɗe targaɗe kuwa, wani ya taɓa yin odarsa kamar za a yi yaƙi. Kafin yara su kwanta kuɗin allurar ya fito har da 'yar ragowa. Abin da ya rage shi ne hujja, kuma hujjar tana hannun mutum ɗaya.

Washegari da hantsi na shiga sito. Ya riga ya ga kwalbarsa ɗaya ta tafi, ya riga ya rubuta sha tara, ya bar mini gurbin sa hannu. Ya zuba mini shayi. Na shirya magana mai laushi tun daga gida, amma da na buɗe baki sai na ji kaina ina cewa, “Baba, me ya sa kake riƙe ashirin ɗin nan?”

Ya daɗe yana juya cokali. Sannan ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Shekararsa ta biyu a aiki, yana ƙaramin ma'aikaci a ƙarƙashin wani, wata ungozoma ta shigo da gudu da rana tsaka, jini har gwiwar hannunta. Ya buɗe firiji, babu ko ɗaya. Ya ce har yau yana iya jin sanyin firijin a fuskarsa yana kallon kantar da ba komai. Matar ba ta kai la'asar ba. Tun ranar ya yi alkawari tsakaninsa da Allah cewa ba za a sake zuwa masa a guje ya buɗe firiji ya tarar da wayam ba. Maganar katin da bai taɓa nuna sifili ba, in ji shi, mutane ne suka mayar da ita kirari, shi kuma ya ji daɗin kirarin, ba zai yi ƙarya ba.

Da na so in yi shiru a nan in sha shayina. Amma na ajiye masa katin da takardar lissafina. Na nuna masa makonni biyar ɗin, sau huɗu. Na ce masa mata bakwai ke haihuwa a yini, a kwana ɗari da arba'in da huɗu sun kai kusan dubu, kuma kowace an tura wani nata tsallaken titi ya sayo kwalbar da ta kwana a ƙarƙashin kwano. Na gaya masa dokar sayen gaggawa, wadda ya sani sarai, amma bai taɓa haɗa ta da ashirin ɗinsa ba.

“Kin ce dubu?”

“A shekara ɗaya, Baba.”

Ya ɗauki takardar ya kai ta kusa da taga. Leɓunansa suna motsi, yana sake lissafin da kansa, don bai yarda da kalkuleta ba. Ya gama, ya ninke ta biyu, ya mayar mini. Na ce masa jibi kwamiti zai zauna, kuma ba zan ambaci sunansa ba in ba ya so, zan nemi wata hanya. Ya ce in je in yi aikina, yana da kayan da zai karɓa. Na fita ina jin kamar na mari mahaifina.

Ranar Laraba bai dafa shayi ba. Na wuce ta ƙofar siton sau uku, kowane karo yana durƙushe a gaban wata tsohuwar kabad ya ba ni baya. Ban shiga ba. Akanta ya ce in ƙyale shi, tsofaffi suna da nasu lokacin, ni kuma na ce kwamiti ma yana da nasa.

Ranar Alhamis muka zauna a ɗakin taro, mu bakwai, fanka tana kaɗa takardu kowa ya danne nasa da waya. Na bi kasafin layi layi. Suka ji daɗin sayen safar hannu da wuri, suka yi gunaguni a kan maganin tari, likitan yara ya kare nasa kamar gadonsa ne. Da na iso allurar na faɗi adadi, Babban Likita ya ɗago kai ya yi tambayar da Akanta ya ce zai yi. Yaushe ta taɓa ƙarewa? Na fara magana a kan rajistar haihuwa. Ya ce rajista ta nuna masu haihuwa, amma kati ya nuna sito bai taɓa rasawa ba, to wanne za su ɗauka? Mijina yana kallon biro ɗinsa kamar yau ya fara ganinsa. Ana cikin haka sai aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Baba ne, da rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, rungume da ɗaurin takardu huɗu, kowane an ɗaure shi da zaren bandeji. Ya yi sallama, ya nemi izini, ya jera su a tsakiyar tebur. Kwafin takardun neman kaya ne na ɗakin haihuwa da ake bari a sito, na shekara guda, ko ɗaya bai yar ba. An nemi sittin, an ja layi. An nemi hamsin, an ba da biyu. Sannan ya zaro katin daga aljihunsa ya miƙa wa Babban Likita da hannu biyu. Da safiyar nan ya kai sha taran ɗakin haihuwa da kansa, ya sa su a firijin Anti. A layin ƙarshe, da rubutunsa mai kyau, ga kwanan wata, ga sha tara a gurbin fita, ga sifili a gurbin ragowa, ya zagaye shi sosai kamar yana tsoron kada a kasa gani.

Ya ce, “Ranka ya daɗe, yau ta ƙare. A gaskiya ta saba ƙarewa, ni ne ban bari ta faɗa ba. Yarinyar nan lissafinta daidai ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.”

Babban Likita ya juya takardun ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe, sannan ya tambaye shi ko ya san abin da wannan zai yi wa takardar yabonsa. Baba ya ce a cire layin, in babu abin da za a sa a gurbinsa a bar wurin fari. Anti, wadda ba ta cika magana a taro ba, ta ce in za a hukunta mai riƙewa to a haɗa da wadda ta daina kai ƙara. Ni ma na ce a haɗa da wadda ta duba katin ba ta gani ba. Babban Likita ya ce tunda kowa yana son hukunci, hukuncin shi ne a sa hannu a sayen gaggawa yau, a amince da dubu uku da ɗari biyar, kuma daga yanzu kowane kati a ƙara masa gurbin abin da aka nema, ba abin da aka bayar kaɗai ba. Ya ba ni zuwa Litinin in kawo kasafin a tsaftace. Akanta ya sa hannu a takardar gaggawar da sauri har biro ya huda ta.

Bayan an watse na bi Baba sito. Ya cire rigar ya rataye a ƙusa, ya kunna buta. Na fara yi masa godiya ya ɗaga mini hannu. Ya zauna a kan kwali, ya tambaye ni abin da na san zai tambaya, ko a cikin dubun nan akwai wadda ba ta koma gida ba.

Na riga na duba. Na ce masa biyu ne a shekarar jini ya tafi da su, ɗaya a cikin makonnin ashirin ɗin, kuma ta zo a makare daga nesa, babu wanda zai iya rantsuwa cewa allurar kemis ce sanadi. Na so in ce masa ba ita ba ce. Ban ce ba, domin ban sani ba, kuma shi ba mutumin da ake yi wa ƙarya ba ne. Ya gyaɗa kai. Hawaye ya taru a ƙarƙashin tabaraunsa, bai share ba, ni ma ban yi kamar na gani ba.

Buta ta tafasa ta kashe kanta. Ya tashi, amma maimakon kofuna sai ya nufi akwatin katako. Yatsunsa suka bi jerin ba tare da ya duba ba, yana zaro kati nan, kati can. Ya dawo ya shimfiɗa su a kan teburin ɗaya bayan ɗaya: allurar jijjigar masu ciki, allurar masu ciwon sukari, maganin saran maciji, ledar ƙarin jini. Na ƙirga, goma sha ɗaya.

“'Yata, ba ita kaɗai ba ce. Duk waɗannan na riƙe musu na ƙarshe. Ki nuna mini yadda kike cire kwanakin, ni in ƙirga, ke ki raba. Kafin Litinin za mu gama?”

Na kalli katunan, na tuna kasafina da na yi kwana tara ina gyarawa, da 'yar ragowar kuɗin da ba za ta ishi ko uku daga cikinsu ba. Raina ya so ya ɓaci, ya nemi hanya ya rasa. Na cire takalmin tsinin na ture shi ƙarƙashin tebur, na kira Abban yara na ce ya ɗauko yara daga makaranta, sannan ya zo sito da jerin kayan in da hali, don akwai sauran yanka.

Baba ya jawo katin farko, ya gyara zaren tabaraunsa, ya ɗora yatsa a kan watan farko ya fara ƙirga kwanaki a bayyane.